Mai uku, ruwa uku: yadda ake fassara sashen gazuwal, man inji da sanyayawa na littafin gurup

A Hausa kalmar "mai" ɗaya ce. Gazuwal mai ne, abin da ake zubawa cikin inji don ƙarafa su daina cin juna mai ne, giris ma mai ne. A garaji wannan bai dami kowa ba, domin maigida yana faɗa yana nuna galan da hannu. A kan takarda kuwa babu hannun da zai nuna. Duk wanda aka ba littafin gurup, wato injin ba da kuran, mai aiki da gazuwal ya mayar Hausa, wannan ce matsalarsa ta farko, kuma mafi yawan sauran matsalolin daga gare ta suke reshe.

Aikin da zan riƙa misali da shi na yi shi ne a nan Tawa. Gurup ne da ke tuƙa famfon foraj a wani ƙauye na Adar, littafinsa ya zo da Ingilishi, da wata fassarar Faransanci a bayansa. Yaron da ke tsaron injin ya yi makarantar boko kaɗan, yana karanta Hausa da kyau, Faransanci kuwa sai a hankali. Aka ce in fassara masa sassa uku: gazuwal, man inji, da sanyayawa. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: je wurin injin kafin ka buɗe littafin

Ka nemi allon ƙarfe da ke manne jikin injin ka kwafe lambarsa harafi da harafi. Littafi ɗaya yakan ɗauki inji huɗu ko biyar na gida ɗaya, kowanne da yawan mansa da yawan ruwansa. In ba ka san naka ba, za ka fassara layin maƙwabci. Haka kuma teburin shan gazuwal yakan zo da shafi biyu, na 50 Hz da na 60 Hz. Kuran ɗin Nijar 50 Hz ne, kuma irin waɗannan gurup suna juyawa sau 1500 a minti, na 60 Hz kuwa sau 1800. Layin 50 Hz shi ne namu.

Sannan ka zagaya injin da wanda ke tsaronsa, ka taɓa kowane murfi ka tambaye shi sunansa. Murfi uku ne ake zuba abu ta cikinsu: na tankin gazuwal, na man inji, na radiyater. Ka ɗauki hotonsu. Sunan da ya ba ka shi ne farkon ƙamus ɗinka, ko da daga baya za ka gyara.

Mataki na biyu: raba mai uku da ruwa uku, ka rubuta, ka tsaya a kai

Dokar da na kafa wa kaina ita ce kalmar "mai" ba za ta fito ita kaɗai ba ko sau ɗaya a cikin fassarar. Abin da injin ke ƙonawa sunansa gazuwal, ko'ina. Abin da ke shafe ƙarafa sunansa man inji. Na uku giris. Ko da jimlar ta yi nauyi da maimaitawa, na fi son nauyin.

Na yi tunanin "baƙin mai", tunda jama'a da yawa sun san shi da haka, musamman masu zirga-zirga ta Ƙwanni. Na bar shi saboda dalili ɗaya. Sabon man inji ba baƙi ba ne, kalar zuma gare shi, kuma a injin gazuwal yakan yi baƙi cikin ƴan awoyi bayan an canja shi, saboda yana kwashe toka da baƙin hayaƙi. Wannan baƙin ba lalacewa ba ce. In ka kira shi baƙin mai, jimlar da ke bayanin kalarsa za ta rikice. A shafin farko dai na rubuta cewa man inji shi ne abin da makanikai ke kira luwil ko baƙin mai, daga nan ban ƙara sauya suna ba.

A kula da wani tarko. Wasu littattafan Ingilishi suna kiran gazuwal da suna mai kalma biyu, ta biyun ita ce ainihin kalmar da suke kiran man inji da ita. Mai gaggawa zai ga kalmar ya rubuta man inji. Hanyar ganewa ita ce ka duba inda abin ke tafiya: in daga tanki ne zuwa famfo zuwa injekter, wato abin da ke fesa shi cikin inji, gazuwal ne.

Ruwa ma uku ne. Akwai ruwan sanyayawa, wanda haɗi ne da ake zubawa a radiyater. Akwai tataccen ruwa, wanda ake haɗa shi da shi. Akwai kuma ruwan da ke kwanciya ƙarƙashin gazuwal, wanda abokin gaba ne, zubar da shi ake yi. Kowanne da cikakken sunansa.

Filtir kuma kada ya fito tsirara: filtir na gazuwal, filtir na man inji, filtir na iska. Biyun farko sukan yi kama a ido, gwangwani ne mai ɗauri, amma ba a musanya su. Lambar kowanne a bar ta yadda take.

Bayan sunaye sai aikatau, kuma su ne aka fi rainawa. Teburin kula da inji yana tafiya ne a kan aiki biyar: duba, ƙara, canja, tsiyaye, ɗauraye. "A duba man inji" na nufin a zaro joji, wato sandar awo, a gani. "A ƙara" na nufin a cika gibi. "A canja" shi ne bidanji, a fitar da tsoho duka a zuba sabo. Mai fassarar da ya haɗe su cikin "a kula da man inji" ya share teburin gaba ɗaya.

Mataki na uku: lambobi

Nan zan daɗe, domin nan ne kuskure ke kashe inji.

Littafin da ke hannuna ya ce injin yana ɗaukar galan 2.2 na man inji. Galan biyu ne a duniya: na Amurka litir 3,785 ne, na Ingila litir 4,546, waƙafin nan na gutsure ne, ba na dubu ba. In na Amurka ne, man ya kama litir 8,3. In na Ingila ne, litir 10 cif. Tsakaninsu litir 1,7, kuma a ƙaramin inji wannan ya isa ya haye alamar MAX. Man da ya yi yawa, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin yana dukansa ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta shafe ƙarfe, ga yoyo ta bakin roba, ga hayaƙi shuɗi. Na gane na Amurka ne saboda a wani tebur na ƙarshen littafin an rubuta US gal. Ban tsaya nan ba, sai da aka yi bidanji a gabana muka auna abin da ya shiga kafin ya kai alamar.

Ga wani abin kuma: a Hausarmu "galan" mazubi ne, ba awo ba. Yaron da ya ji "galan biyu" zai kawo galan biyu na litir 5 ko ma fiye. Don haka kalmar galan ba ta shiga fassarar a matsayin awo, litir kawai.

```
litir = US gal x 3.785
litir = US qt x 0.946
bar = psi / 14.5
°C = (°F - 32) x 5 / 9
```

Da wannan lissafi, matsin man inji na 40 psi ya zama kusan bar 2,8, zafin 180 °F ya zama digiri 82, 203 °F kuma digiri 95. Amma kafin ka mayar, ka duba agogon da ke jikin gurup ɗin. In allurarsa tana nuna psi, ka rubuta duka biyun, wanda ke kan agogon a gaba. Mutum abin da ke gabansa yake karantawa.

Sai rikicin ɗigo da waƙafi. Ingilishi na rubuta 8.3 da ɗigo, Faransanci 8,3 da waƙafi. Sannan Ingilishi na rubuta 1,500 yana nufin dubu da ɗari biyar, wanda ɗan makarantarmu zai karanta ɗaya da rabi. Masu karatuna da Faransanci suka koyi lissafi, don haka na zaɓi waƙafi ga gutsure, dubu kuma ba alama, na kuma faɗi haka a shafin farko. Inda lambar ke da haɗari nakan bi ta da kalmomi: litir 8,3, wato litir takwas da ɗan ƙari, bai kai takwas da rabi ba.

A duba ko littafin ya ba da awo biyu na man inji, ɗaya na kaskon ƙasa kaɗai, ɗaya har da filtir. Ba kuskuren bugu ba ne, a fassara duka a faɗi bambancinsu.

Akwai abubuwan da ba a taɓawa ko kaɗan: SAE 15W-40, API CH-4, lambar filtir, da saƙon da ke fitowa a allon gurup, kamar LOW OIL PRESSURE ko HIGH COOLANT TEMP. Yaron zai je kasuwa ya nemi waɗannan haruffa a jikin galan, ko ya gan su a allo da dare. A rubuta su yadda suke, ma'anar ta biyo baya: matsin man inji ya faɗi, ruwan sanyayawa ya yi zafi fiye da ƙima. A lura, saƙon farko maganar matsi yake yi, ba yawa ba. Man zai iya cika har MAX matsin ya faɗi, in famfon mai ya gaji ko man ya tsinke. Wanda ya fassara shi da "mai ya ƙare" zai sa a yi ta ƙara mai ana tada injin har ya kama.

Sashen gazuwal

Kalmar da ta fi ba ni aiki ita ce wadda makanikanmu ke furtawa purje. A Faransanci tana ɗaukar aiki biyu: fitar da iska daga hanyar gazuwal, da tsiyaye ruwan da ya taru ƙarƙashin filtir. Ingilishi kuma yana kiran na farkon da kalmar zubar jini, wadda in ka bi ta kai tsaye za ka rubuta abin da ba shi da ma'ana. A Hausa na raba su. Fitar da iska ana yin ta bayan an canja filtir ko tanki ya ƙafe: a sassauta ƙusar iska da ke kan filtir, a yi ta danna famfon hannu har gazuwal ya fito babu kumfa, a ɗaure. Tsiyaye ruwa kuwa aikin kullum ne: a buɗe ƴar makunnin da ke ƙasan kofin filtir, ruwa ya fita tunda ya fi gazuwal nauyi, da zarar tsantsar gazuwal ya fara zuwa a rufe.

Tsohon makaniken da nake kai wa aikina ya duba ya tsaya a kan wani layi. Littafin ya ce kada a cika sabon filtir da gazuwal kafin a ɗaura shi. Ya ce, "Malam, wanga layi fa? Mu tun muna yara cika shi mukai, don inji shi tashi da wuri." Na ce, "Baba, gaskiyarku ne, yana tashi da wuri. Amma gazuwal da aka zuba ta ramin tsakiya bai bi ta matacin ba, kai tsaye zai tafi famfo da injekter da duk ƙurar da ke ciki." Ya yi shiru ya ce to a rubuta dalilin, in ba haka ba babu mai bi. Na karɓi shawarar, kuma ta zama ƙa'idata: duk inda littafin ya saɓa wa al'adar garaji, ina fassara umarnin yadda yake, sannan in ƙara dalilin cikin akwati dabam mai taken "Ƙarin bayani daga mai fassara". Ba na cusa maganata cikin maganar masu injin, ba na kuma sassauta tasu don ta yi daɗin ji.

Gargaɗin bututun injekter kada a taƙaita shi. Gazuwal da ke tsartuwa daga nan yana da matsin da ke huda fata ya shiga nama, ramin ƙarami kamar na allura, ɓarnar tana ciki. Littafi yakan ce a nemi yoyo da kwali, ba da hannu ba, kuma wanda abin ya sama a kai shi likita nan take ko da bai ji ciwo sosai ba. "Nan take" ɗin dole ya fito.

Sauran sashen ba wuya: a cika tanki bayan an gama aiki don raɓa ta rasa wurin taruwa, a bar tano ya kwanta kafin a ɗiba, kada a ajiye gazuwal a mazubin da aka shafe da tutiya.

Sashen man inji: misali cikakke

Ga fassarata ta farko ta bidanji, wadda ta bi tsarin jimlar asali: "A tsiyaye mai bayan an kashe injin da ya yi ɗumi, a kula kada mai zafi ya taɓa fata, a canja filtir a cika zuwa alama." Babu ƙarya a ciki, amma ba ta aiki. Gargaɗin ya zo bayan an riga an buɗe ƙusa, ba a san wane filtir ba, ba a san wace alama ba. Kuma sau da yawa wani ne ke karantawa da ƙarfi wani na aiki, abin da kunne ya fara ji shi hannu ke fara yi. Ga yadda ta koma:

Gargaɗi: man inji mai zafi yana ƙona fata.

1. Tada injin ya yi ɗumi, sannan ka kashe shi.
2. Cire wayar batir mai alamar (-) don kada ya tashi da kansa.
3. Ajiye mazubin da ya fi litir 10 a ƙasa, ka kwance ƙusar tsiyaya, ka bari man inji ya fita duka, ka mayar da ƙusar.
4. Kwance filtir na man inji. Tabbatar tsohuwar robarsa ba ta manne a jikin injin ba.
5. Shafa sabon man inji a robar sabon filtir, ka ɗaura da hannu. Bayan robar ta taɓa, ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Kada ka sa kile.
6. Zuba SAE 15W-40, litir 8,3.
7. Mayar da wayar batir, tada injin, duba yoyo, kashe shi, jira man ya koma ƙasa, sannan ka zaro joji. Ya tsaya tsakanin MIN da MAX.

Yawan zagayen filtir na wannan littafin ne, kowa ya bi nasa. Na zaɓi "ka" maimakon "a" saboda mutum ɗaya nake wa magana kuma umarnin ya fi kama shi. In littafin na ma'aikata da yawa ne, maza da mata, "a" ta fi, sai dai a riƙe ɗaya har ƙarshe.

Lokacin bidanji yakan zo da awo biyu, misali awa 250 ko wata 6. Jimlar da ke biye da su ita ce ke ɓacewa a fassara: wanda ya riga cika. Ba zaɓi aka ba mutum ba. A kuma ce awa ta agogon injin, ba ta bango ba. In akwai ƙaramin rubutu a ƙasan tebur da ya ce a rage tazarar a wuri mai ƙura ko zafi, a ɗauko shi a sa shi sama da manyan haruffa. Masu littafin sun ɗauke shi a matsayin yanayi na musamman, mu kuwa da hunturu da bazararmu shi ne kullum.

Alamomin man da ya ɓaci suna son kalmomin da ido ya sani. Man da ruwan sanyayawa ya shiga yakan koma kamar shayi da madara. Wanda gazuwal ya shiga yakan tsinke, ya yi warin gazuwal, kuma yana hawa a joji ba tare da an ƙara ba.

Sashen sanyayawa

Nan kalma ɗaya ce ke yin ɓarna, antijel. Ma'anarta ta zahiri maganin daskarewa. Rubuta haka a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, mai karatu zai ce wannan na ƙasar Turawa ne, ya ɗebo ruwan foraj ya zuba. Alhali haɗin rabi antijel rabi tataccen ruwa, ban da hana daskarewa har kusan digiri 37 ƙasa da sifili, yana ɗaga zafin tafasa zuwa wajen digiri 108, kuma murfin radiyater mai riƙe matsi yana ƙara ɗaga shi. Abin da ya fi wannan, akwai magungunan hana tsatsa a ciki, masu kare famfon ruwa da bangon silinda daga cinyewa. Ruwan rijiya ko na foraj kuma yana barin farin ɓawo a cikin hanyoyin, irin na cikin butar shayi, ɓawon yana hana zafi fita. Don haka na rubuta "antijel, maganin da ke hana tsatsa da saurin tafasa", na bar daskarewa a ƙarshe.

A duba ko littafin yana maganar mai kauri da ake haɗawa ne ko wanda aka riga aka haɗa. Umarnin "rabi da rabi" na mai kaurin ne kaɗai. In tsarin yana ɗaukar litir 12, to litir 6 na antijel da litir 6 na tataccen ruwa, a haɗa a waje kafin a zuba. Wanda ya ƙara ruwa a kan haɗaɗɗe ya tsinka shi. Kalar ruwan, kore ko ja, ba ita ce shaida ba, sunan da ke jikin galan ne, kuma shi ma ba a fassara shi.

Gargaɗi biyu na sa cikin akwati mai kauri. Na farko, kada a buɗe murfin radiyater injin na da zafi, domin ruwan yana ƙarƙashin matsi, da an saki zai tafasa ya feso fuska. Na biyu, antijel guba ne kuma yana da ɗanɗanon zaƙi. A bakin foraj inda yara ke ɗiban ruwa, awaki da tumaki ke sha, wannan layin ya fi ƙarfin a bar shi cikin ƙananan haruffa: kada a zubar a ƙasa, kada a ajiye cikin buta ko kwalbar abin sha.

Matakan gargaɗi kuma a ba su kalmomi dabam-dabam. DANGER na mayar "Haɗarin mutuwa", WARNING "Gargaɗi", CAUTION "Hattara", na bar kalmar asali kusa da kowanne saboda ita ce ke manne jikin gurup.

Akwai layin da ya ce kada a tafiyar da injin babu tarmosta, wato makunnin da ke tsare ruwan sanyayawa daga radiyater har injin ya yi ɗumi. Shi ma ya sami akwatin ƙarin bayani, tunda cire shi da bazara al'ada ce a wurinmu. Injin da ke aiki da sanyi baya ƙona gazuwal sarai, kuma a wasu injunan in babu tarmosta ruwan yakan bi gajeriyar hanya ya kauce wa radiyater. In gurup na zafi, a fara duba haƙoran radiyater da ƙura ta toshe, da igiyar fanka, da ko iska mai zafi na samun hanyar fita daga ɗakin.

Mataki na ƙarshe: gwaji a gaban inji

Ina yin bita biyu. Ta farko ta lambobi ce zalla, yatsa ɗaya kan asali ɗaya kan fassara, ba na karanta jimla. Ta biyu a gaban injin a kashe: wani ya karanta da ƙarfi, mai tsaron ya nuna abin da zai taɓa, ni in yi shiru. Duk inda ya tsaya ko ya kai hannu wurin da ba shi ba, fassarar ce ke da gyara.

A gwajinmu yaron ya tsaya a layin da na rubuta "cika ruwan sanyayawa zuwa wuya". Ya ce, "Malam, wuyan wane? Na radiyater ko na ƴar robar da ke gefe?" Gurup ɗin yana da ƙaramin tankin roba mai alamar MIN da MAX, littafin kuma da shi yake nufi, injin yana sanyi. Na gyara layin a wurin: "Injin yana sanyi, duba ƙaramin tankin roba da ke gefen radiyater. Ruwan sanyayawa ya tsaya tsakanin MIN da MAX." Na sa hoton tankin kusa da layin, aka sake karantawa, ya kai hannu daidai.